Yadda muka tsara fayil ɗin mujallar yaye ɗalibai mu huɗu ba tare da wani ya taka aikin wani ba

Mujallar yaye ɗalibai aiki ne da in ka gan shi daga nesa za ka ce ba komai a ciki, shafi 48 ne kawai da bango, amma duk wanda ya taɓa yi ya san wahalarta ba a dizayin take ba, a gyare-gyare take. Hoton ɗalibai sama da ɗari, kowa da sunansa da sunan mahaifinsa, jawabin shugaban makaranta da za a canja har ranar ƙarshe, ga malamai kowa na turo gyaransa ta WhatsApp ƙarfe sha ɗayan dare. Mu huɗu ne a shagon da muka karɓi aikin a nan Kano: oga mai shagon wanda shi ke magana da makarantar, yaro ɗaya mai taifin, ɗaya mai gyaran hoto a Photoshop, sai ni da nake jera shafuka a CorelDRAW. Kafin wannan aikin yadda ake yi a shagon shi ne yadda ake yi kusan ko'ina, kowa ya zuba abinsa a Desktop, in ana so a ba wani sai a sa a filashi, sunan fayil kuma irin su final, final2, sabon final, final na gaske. Aikin katin biki ko fosta guda ɗaya yana iya wucewa a haka. Mujalla kam ba za ta wuce ba.

To da oga ya ce an ba mu aikin sai na ce masa Yallaɓai kafin kowa ya buɗe Corel a ba ni safiyar nan kawai mu zauna mu yarda da inda kowane abu zai zauna. Ya ɗan yi tsaki ya ce lokaci fa ba ya jira, amma dai ya bari.

Folda ɗaya muka yi wa aikin gaba ɗaya, a cikin Google Drive na shago, ga yadda take:

```
2024-06_Mujallar-Yaye
  01_Daga-Kastoma
  02_Hotuna-Gyararru
  03_Font
  04_Aiki
  05_Na-Dubawa
  06_Na-Bugu
  99_Tsoho
```

Lambobin nan na gaba ba ado ba ne, su ke sa kwamfuta ta jera su yadda aikin yake tafiya daga sama zuwa ƙasa, in ba haka ba za ta jera su da harafin farko ne ka yi ta nema. Shekara kuma ita ke fara zuwa kafin wata, don in aiki ya taru na shekara biyu uku ka ga sun jeru da kansu, wanda in ka fara da rana ko wata sai ka ga Yunin bana ya je ya zauna kusa da Yunin bara. Dokar da na fi matsa wa a kai ita ce ta folda ta farko: duk abin da makaranta ta turo, hoto ne ko jawabi ko tambari, a nan zai zauna kuma ba mai taɓa shi. Ba a gyara a kai, ba a yin sabin a kai. In mai gyaran hoto zai yi aiki ya kwafa zuwa folda ta biyu ya yi ta gogewa da yankewa son ransa. Dalili kuwa hoton JPG in ka gyara ka danne na asali ya tafi kenan, kuma duk sabin ɗin da ka sake yi masa yana ƙara rage masa kyau kaɗan kaɗan, ran da aka ce a dawo da hular da aka yanke a hoton wani malami ba ka da inda za ka samo ta.

Akwai wani abu da muka roƙi makarantar tun farko, su turo hotuna a matsayin Document a WhatsApp ba ta Gallery ba, saboda in ta Gallery ne WhatsApp yana matse hoton ya rage girmansa, a waya zai yi kyau amma a takarda sai ka ga fuska ta farfashe. Rabinsu sun bi, rabi ba su bi ba, mun saba.

Sunan fayil kuma mun yarda babu sarari a ciki sai layin ƙasa ko karan ɗori, kuma babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Ni mutum ne mai son a rubuta Hausa daidai, amma a cikin mujallar ne ake wannan, sunan fayil zai bi ta zif, ya bi ta filashi, ya je tsohuwar kwamfutar maɗaba'a, wani lokacin sai harafin ya koma wata alama da ba ka san ta ba. Windows ma da kansa ba ya karɓar waɗannan a suna:

```
\ / : * ? " < > |
```

shi ya sa kwanan wata ba a rubuta shi da karan da ya karkace, sai 2024-06-14.

Hotunan ɗalibai nan ne muka fi daɗewa muna gardama. Mai gyaran hoto yana so ya sa sunan kowa kawai, na ce masa ƙanena aji ɗaya kaɗai za ka samu mutum uku masu suna ɗaya, biyu ma har sunan uba ɗaya, ya za ka raba su. Sai muka karɓi rajistar kowane aji daga makarantar muka yi amfani da lambar da ke gaban sunan yaro, hoto ya zama `SS3A_014.jpg`, wato aji sannan lamba, da sifili a gaba don 14 kar ta haye gaban 2 a jeri. Mai taifin shi ma jerin sunayensa da wannan lambar yake tafiya. Ni da nake jerawa ba na buƙatar sanin fuskar kowa, lamba 14 a hoto ta hau kan lamba 14 a suna shikenan. Kuma nan take muka gane hotuna nawa ne ba su zo ba, don kana buɗe folda ka ga daga 022 an tsallaka 024 ka san akwai yaron da za a nemo.

Ban yi mujallar a fayil ɗaya ba. Corel yana haɗiye hotunan da ka shigo da su cikin fayil ɗin ne, to shafi 48 da hotuna haka fayil zai yi nauyin da kowane sabin sai ka jira, in NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar sabin kuwa kana iya rasa duka lokaci guda. Na raba shi huɗu: shafi 1 zuwa 8 jawabai, 9 zuwa 24 ɗalibai, 25 zuwa 40 rubuce-rubucen yara, 41 zuwa 48 hotunan taro da talla. Bango kuma daban a Photoshop. Sunayen sun fito haka:

```
yaye_bango_v03.psd
yaye_sh01-08_v05.cdr
yaye_sh09-24_v07.cdr
```

Amfanin rabawar na biyu shi ne mutum biyu za su iya aiki lokaci ɗaya kowa a ɓangarensa.

Yanzu maganar wannan v ɗin da lamba, wadda ita ce ainihin abin da ya riƙe aikin. Mun hana kalmar final kwata-kwata. Lamba kawai ke hawa, kuma wadda ta fi girma ita ce ta yanzu, ba sai an tambayi kowa ba. Amma ba kowane Ctrl+S ne sabuwar lamba ba, in ba haka ba kafin azahar ka kai v40 ka cinye gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta. Lamba tana hawa ne a wuri uku: in fayil zai bar hannunka ya koma hannun wani, in za a tura wa kastoma ya duba, sai kuma in za ka yi wani babban canji da kake jin za a iya cewa a dawo da na da. Kuma abin da mutane ke juyawa, Save As ɗin ana yin sa ne kafin ka fara taɓa komai ba bayan ka gama ba. Ka buɗe v07, nan take ka yi Save As zuwa v08, sannan ka fara aiki. In ka ce sai ka gama, hannunka zai danna Ctrl+S ba ka sani ba, v07 ta riga ta canja, kuma ba ita ce wadda aka tura wa kastoma ba kuma. Tsofaffin lambobi muna tura su `99_Tsoho` don folda ta huɗu ta zama fayil biyar kacal ake gani a ciki.

Wani zai ce ai Drive yana ajiye tsofaffin kwafi da kansa. Yana yi, in ka danna dama a kan fayil ka nemi Manage versions za ka gan su, sai dai irin waɗannan fayil ɗin yana riƙe tsohon ne kwana 30 ko kwafi 100, duk wanda ya riga cika, sai in ka sa masa Keep forever da hannunka. Kuma ba ya gaya maka wanne ne wanda shugaban makaranta ya gani ya amince. Na gaggawa ne, in wani ya danne fayil jiya a ceto shi yau, ba abin dogaro ba ne na aikin da zai yi wata biyu.

Lamba kaɗai ba ta hana mutum biyu buɗe fayil ɗaya. Fayil ɗin Corel ko na Photoshop ba kamar Google Docs ba ne da kowa zai yi ta rubutu a tare, in ni da mai taifin muka buɗe v07 lokaci ɗaya kowa ya yi gyaransa, ko dai wanda ya yi sabin a ƙarshe ya shafe na ɗayan, ko a wayi gari da v08 guda biyu kowacce da rabin gyara, kuma ba wani maɓalli da zai haɗa su, sai dai mutum ya zauna ya kwafa da hannu. Maganin da muka yi ba na fasaha ba ne ko kaɗan. Gurup muka buɗe mu huɗu, ba gaisuwa ba barka da Juma'a, abu biyu kawai ake rubutawa: na ɗauki sh09-24 v07, sai kuma na ajiye sh09-24 v08. Tsakanin waɗannan saƙonni biyu fayil ɗin na mutum ɗaya ne, ko oga ne sai ya jira. Kuma ba a rubuta na ajiye sai an ga Drive ya gama ɗorawa, don da netwok ɗinmu fayil mai nauyi yana iya yin rabin awa yana juyawa, wani ya buɗe folda ya ga tsohuwar lamba ya ɗauka ita ce.

Sai wani ɗan fayil na Notepad mai suna `CANJI.txt` a saman folda, duk wanda ya ajiye sabuwar lamba ya ƙara layi ɗaya:

```
2024-06-14 sh09-24 v06 an gyara sunaye 5 a SS3B
2024-06-17 sh09-24 v07 an canja hoton SS3A_014
```

Shi ne abin da aka fi yi wa kasala, sai na yi ta bin mutane, amma shi ya fitar da mu ranar da rigima ta taso.

Ga yadda ta faru. Duk lokacin da za mu tura wa makaranta muna fitar da PDF mara nauyi mu sa a `05_Na-Dubawa` da suna iri ɗaya da fayil ɗin da ya fito daga ciki, kuma a gefen kowane shafi can waje da layin yanka ina rubuta sunan fayil ɗin da ƙananan haruffa, inda wuƙa za ta yanke shi ranar bugu. Wata rana mataimakin shugaban makarantar ya zo da kansa da takardu a hannu ya cika su da jan biro, ransa a ɓace, ya ce Malam ai waɗannan sunayen mun gyara muku tun makon jiya, me ya sa har yanzu suna nan. Oga ya juyo ya kalle ni. Na karɓi takardar na duba gefe sai na ga an rubuta v05, alhali mu muna v07. Na ce Malam don Allah a ina aka buga wannan, ya ce daga wayarsa ya tura wa mai fotokwafi. Ashe PDF uku ne a wayar, ya ɗauki na sama. Na buɗe masa `CANJI.txt` ya ga ranar da aka yi gyaran sunaye biyar ɗin, na buɗe v07 ya gani da idonsa. Abin da ya rage shi ne a cikin jan biron nasa akwai gyara guda uku sababbi da ba mu taɓa gani ba, su muka tsince muka sa a v08. Da babu wannan ɗan rubutun na gefe abin da za a yi shi ne a bi takardarsa layi layi ana gyara abin da aka riga aka gyara, kuma in aka yi rashin sa'a wani ya je ya buɗe tsohon fayil don ya dace da takardar, hoton da aka canja a v07 ya koma na da.

Leya kuma a bango ne ta fi nuna kanta. Ran farko da na buɗe abin da mai gyaran hoto ya yi na ga Layer 1, Layer 1 copy, Layer 1 copy 2 har ƙasa, sama da leya sittin, don duk Ctrl+J da ya danna haka Photoshop ke raɗa mata suna. Shi ya san kowacce a ranar, bayan sati ko shi sai ya yi ta kashe ido yana kunnawa yana neman wacce ce inuwar tambari. Muka zauna tare muka tara su gida biyar da Ctrl+G: RUBUTU a sama, sai TAMBARI, MUTANE, ADO, BAYA a can ƙasa, sannan ɗaya na shida mai suna JAGORA wanda ke ɗauke da layin yanka da milimita 3 ɗin da ake bari a gefe, shi ana kashe shi kafin a fitar. Cikin kowane gida suna yana faɗin abin da leyar take ne, kamar `shugaba_hoto`, `shugaba_inuwa`, `take_babba`, ba launinta ko siffarta ba, don wadda ka kira ja gobe kastoma zai ce a mayar da ita koriya sunan ya zama ƙarya. Danna sunan sau biyu ne kawai ka rubuta, daƙiƙa nawa ne.

Abu biyu na hana shi. Kar ya yi Flatten Image ko Merge Visible a fayil ɗin aiki, kuma kar ya yi Rasterize ɗin rubutu, don da zarar rubutu ya zama hoto gyaran harafi ɗaya sai an sake bugawa an sake neman font da girmansa. Leyar da aka ajiye ba a amfani da ita amma ana tsoron gogewa, a sa mata x a gaban suna a kashe idonta, kowa ya san ba mantuwa aka yi ba. Da makaranta ta ce tana son ganin bango kala biyu, kore da shuɗi, maimakon fayil biyu da za su rabu kowanne ya kama hanyarsa sai muka yi Layer Comps guda biyu a fayil ɗaya, yana nan ƙarƙashin Window, gyaran suna ɗaya ya wadatar wa duka biyun. Ranar da aka ce a canja hoton shugaban kwamitin iyaye yaron ma ba ya nan ya tafi ɗaurin aure, ni na buɗe na shiga MUTANE na canja na fito, ban kira shi ba.

A Corel leya uku kawai nake yi a kowane shafi, baya da hotuna da rubutu, lambar shafi da ɗan adon sama kuma suna kan master layer don su fito ko'ina, kuma a kulle take.

Wurin da saura kaɗan mu makale shi ne bambancin Corel ɗin kansa. Laftof ɗina 2020 ce a kai, kwamfutar mai taifin X7, kuma tsohon Corel ba ya buɗe fayil ɗin da sabo ya yi. A akwatin Save As akwai wurin da aka rubuta Version, X7 ita ce 17.0, sai muka yarda kowa a nan zai riƙa ajiyewa har a gama. Font kuma duk wanda aka yi amfani da shi kwafinsa yana `03_Font`, kowa ya sa a kwamfutarsa kafin ya buɗe komai. In Corel ya fito maka da akwati yana cewa bai ga wani font ba zai maye da wani, kar ka yarda ka wuce, rufe ka je ka sa font ɗin tukuna, in ba haka ba layuka za su zame, kuma yawancin font ɗin ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga sunan yaro ya fito da ɗan akwati a tsakiya ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa. A shafin sunaye abin da nake fara dubawa kenan.

Da shugaban makaranta ya sa hannu a kan takardar da aka buga, lambobin da ya amince da su muka rubuta a `CANJI.txt`, sannan na kwafi kowane fayil na Corel na zaɓi duk rubutun na danna Ctrl+Q ya koma zane, na ajiye da ƙarin `_curve` a ƙarshen suna, daga shi na fitar da PDF na bugu a CMYK. Waɗannan kaɗai ke shiga `06_Na-Bugu`, kuma ni kaɗai ke sa abu a ciki. Mai `_curve` ba a gyara a kansa, in gyara ya zo bayan nan, kuma ya zo ɗin, lambar waya a shafin talla, sai a koma `04_Aiki` a hau lamba ta gaba a sake fitarwa, a cire tsohon PDF daga foldar bugu gaba ɗaya don ofaretan maɗaba'a kar ya ga biyu ya zaɓa da kansa. Filashin da muka kai masa sabo ne ba komai a ciki sai PDF biyar, da ya dawo kuma ba mu sa shi a kwamfutar aiki ba sai da aka wanke shi, saboda bayiros ɗin nan mai ɓoye folda ya bar maka shotkot ta irin wannan yawon yake shigowa.

Bayan an kai mujalla na goge yawancin abin da ke `99_Tsoho`, na bar waɗanda aka taɓa tura wa makaranta kawai, sauran foldar duka har da font na kwafa a hadrayif ɗin shago, kwafi ɗaya kuma ya zauna a Drive. Foldar da babu komai a ciki mai lambobin nan bakwai na ajiye ta da suna `00_KWAFA-NI`, sabon aiki in ya shigo ita ake kwafa a canja mata suna. Oga har yanzu in ya karɓi hoto a wayarsa Desktop yake fara zubawa, sai dai in na zo da safe in kwashe in kai `01_Daga-Kastoma`.